Inshorar babur ɗin acaɓa a Kaduna: wadda ke biya, wadda ba ta biya, da abin dubawa kafin a saya

Ɗan acaɓan da ke ɗaukar fasinja tsakanin Rigasa da Tudun Wada, ko daga Kawo zuwa Hayin Banki, yana fita kullum da abubuwa uku da haɗari zai iya taɓawa: mutanen da ke kan hanya tare da dukiyarsu, babur ɗin da yake tuƙawa, da kuma jikinsa. Ruɗanin da ake samu wajen sayen inshora ya samo asali ne daga zaton cewa takarda ɗaya tana rufe duka ukun, alhali kowanne yana da tasa yarjejeniyar da nata farashin. Saboda haka tambayar da ya kamata mai babur ya fara yi wa kansa ita ce, wace asara ce idan ta auku ba zai iya ɗaukarta da aljihunsa ba. Amsar wannan tambaya ce ke nuna irin inshorar da ta dace da shi.

Ma'aunin da za a bi a nan guda huɗu ne. Na farko shi ne kuɗin da ake biya a shekara idan aka kwatanta da abin da babur ke kawowa. Na biyu shi ne wanda ake biya idan haɗari ya faru, domin wata takardar mutumin da aka buge take biya, wata kuma mai babur. Na uku shi ne sauƙin karɓar diyya, wato yawan takardun da za a nema da tsawon jiran da za a yi. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi a wannan sana'a, shi ne yawan ƙofofin da yarjejeniyar ta bar wa kamfani ya ƙi biya. Wa'adi kuwa kusan ɗaya ne a dukansu, wata goma sha biyu, kuma ƙa'idar inshora a Najeriya ita ce babu kariya sai an biya kuɗin, don haka ranar da takarda ta ƙare ba a sabunta ba, ranar kariyar ta tsaya.

Inshorar ɓangare na uku

Wannan ita ce wadda doka ta wajabta wa duk abin hawa mai inji da ke bin hanyar jama'a, kuma wajabcin ya daɗe, tun dokar 1945. A farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade daga 1 ga Janairu 2023, babur yana biyan naira 3,000 a shekara, kuma iyakar abin da kamfani zai biya kan dukiyar wani da aka lalata ita ce naira miliyan 1. Keke mai ƙafa uku yana biyan naira 5,000 da iyakar miliyan 2. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai, domin rauni ko mutuwar wanda aka buge lissafinsu daban ne, ba su shiga cikin miliyan ɗayan ba. Ga mai fita aiki kwana 300 a shekara, naira 3,000 tana nufin naira 10 a rana, saboda haka ta fuskar farashi babu abin da za a yi gardama a kai. Tun 1 ga Fabrairu 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da fara tsaurara binciken wannan takarda a hanyoyin ƙasar.

Abin da wannan inshora ba ta yi shi ne abin da mutane suka fi zaton tana yi. Ba ta gyara babur ɗin mai ita, ba ta biyan kuɗin asibitinsa, ba ta kuma mayar masa da babur idan an sace. Ɓangare na ukun da ake magana shi ne mutumin da ba kamfani ba, ba kuma mai takardar ba, kamar mai motar da aka fasa wa fitila ko mai tafiya a ƙasa da aka kaɗe.

Babban haɗarinta shi ne jabu. An daɗe ana haɗa wa mutane takardun babur a dunƙule a bakin ofisoshin lasisi, a saka wata takardar inshora a ciki wadda babu wani kamfani da ya san da ita, kuma mai babur ba ya ganewa sai ranar da ya je neman diyya. Hanyar tantancewa ita ce rumbun bayanan inshora na NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi. Ana shiga askniid.org a saka lambar babur, ko kuma a danna wannan a waya:

```
*565*11#
```

Idan sunan kamfani da ranar ƙarewar takarda suka fito daidai da abin da ke hannu, takardar tana da asali. Idan kwanaki suka wuce bayan saye ba ta fito ba, a koma wurin wanda ya sayar tun kafin a buƙace ta.

Sai batun fasinja, wanda a ganina shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi tambaya. A kowace takardar inshorar abin hawa akwai sashen da ke fayyace irin aikin da aka yarda a yi da shi. Takardar babur na hawan kai tana cewa an yarda da zirga-zirgar gida da harkokin mai shi, sannan ta cire ɗaukar mutane ko kaya don a biya kuɗi. Yawancin masu shiga acaɓa kuwa da babur ɗin da suka saya don hawan kansu suke farawa, lambarsa mai shuɗin rubutu maimakon jan rubutun haya, takardarsa ma ta hawan kai. Irin wannan takarda za ta iya fitowa a NIID lafiya lau, jami'in hanya ya duba ya sallami mai ita, amma ranar da fasinja ya faɗi ya karye, kamfani zai nuna cewa an yi amfani da babur a aikin da ba a yi yarjejeniya a kansa ba. Don haka dole ne a gaya wa kamfani ƙarara cewa acaɓa ake yi, a ga an rubuta hakan a jikin takardar, a kuma nemi amsa a rubuce kan ko fasinjan da ke baya yana cikin waɗanda ake biya, da kuma fasinja nawa aka amince da su.

Cikakkiyar inshorar babur

Wannan ta haɗa duk abin da ta farko ke yi, ta ƙara da lalacewar babur ɗin kansa a haɗari, da gobara, da sata. A sanarwar da ta fara aiki a 2023, NAICOM ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan. Idan muka ƙaddara babur na naira 1,200,000, mafi ƙarancin abin da za a biya shi ne naira 60,000 a shekara, wato kimanin naira 200 a kowace ranar aiki. Wannan shi ne ƙasan farashi, kuma kamfani yana da damar ɗorawa a kai, musamman ga babur ɗin haya. Ba kowane kamfani ne ma ke karɓar babur ɗin acaɓa guda ɗaya ba, sun fi sakin jiki da mai babura da yawa ko ƙungiyar da ta zo da mambobinta. Akwai wata matsakaiciya da ke rufe ɓangare na uku da gobara da sata kawai, ba tare da gyaran haɗari ba, wadda ta fi sauƙin kuɗi a inda ake sayar da ita.

Sunan "cikakkiya" yana yaudarar mutane, domin a nan ne jerin abubuwan da aka cire ya fi tsawo. Lalacewar yau da gobe ba ta ciki, irin su cinyewar taya, sarƙa, birki, ko injin da ya buga saboda rashin baƙin mai. Kuɗin da aka rasa na kwanakin da babur ke wurin bakanike ba ya ciki. Tarzoma da hargitsin jama'a, wani lokaci har da ambaliya, sau da yawa sai an ƙara kuɗi an saka su musamman, kuma wanda ke ajiye babur a unguwannin da ke bakin kogin Kaduna ya kamata ya tambayi batun ambaliyar da sunanta.

Abubuwa biyu daga cikin waɗanda aka cire sun fi shafar Kaduna. Na farko shi ne kamun hukuma. Tun 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, aka yi dokar hana acaɓa a wasu sassan jihar, ciki har da birnin Kaduna, kuma a 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta dakatar da hawan babur na wani lokaci saboda tsaro. Tsaurin aiwatar da irin wannan doka yana hawa yana sauka, amma yarjejeniyar inshora ba ta biyan babur ɗin da hukuma ta kama ko ta ƙwace, kuma haɗarin da ya faru ana cikin aikin da doka ta hana a wannan hanyar yana ba kamfani hujjar jayayya. Kafin a zuba naira 60,000, a gaya wa kamfani unguwannin da ake aiki, a ji matsayinsa a rubuce. Na biyu shi ne satar wanda aka damƙa wa babur. Mai babur da ya ba yaro yana kawo masa balas kullum, idan yaron ya gudu da shi, kamfanoni da yawa ba su ɗaukar wannan a matsayin satar da aka yi inshora a kanta, suna kallonsa a matsayin cin amanar wanda mai shi ya miƙa wa makulli da hannunsa. Fashin da aka yi wa direba da makami a hanya lamari ne daban, kuma shi ake biya idan takardu sun cika.

Akwai kuma sharuɗɗan da suka rataya a wuyan direba. Dole ne ya kasance yana da lasisin tuƙin babur, wato aji A, wanda bai ƙare ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe diyyar mutane da yawa, saboda ba kowane ɗan acaɓa ne ke da shi ba. Tuƙi cikin maye, na giya ne ko na ƙwaya, yana soke biya. Ɗaukar mutum biyu ko uku a baya, ko ɗora buhunan da suka wuce ƙima, shi ma haka. Idan takardar ta ambaci sunan direba ɗaya, to ƙanensa da ya karɓi babur da yamma don ya ɗan taɓa aiki ba ya cikin kariyar.

Ta fuskar sauƙin karɓar diyya, ita ce mafi wahala. Ana buƙatar sanar da kamfani cikin wa'adin da aka rubuta, a kawo hotuna, da rahoton 'yan sanda, da ƙiyasin bakanike, sannan a jira jami'in kamfani ya duba kafin a taɓa babur. Ɗan acaɓan da abincin gidansa ke jiran fitar gobe yakan garzaya Panteka ya sayo kaya a gyara a ranar, kuma da zarar ya yi haka ya share shaidar da kamfani zai dogara da ita.

Inshorar haɗarin jiki

Ita ce kaɗai a cikin ukun da aka yi domin direban kansa. Tana biyan wani adadi da aka ƙayyade idan ya rasu ko ya nakasa sakamakon haɗari, da kuɗin magani har zuwa wata iyaka, wasu kuma suna ƙara ɗan abin kashewa na mako-mako idan mutum ya kwanta. Farashinta ya dogara da adadin da aka zaɓa da kuma sana'ar mai saye, kuma tana sauƙi sosai idan aka saye ta a ƙungiyance, misali ta hannun reshen ƙungiyar 'yan acaɓa. Abin lura shi ne, irin wadda ake sayar wa ma'aikatan ofis sau da yawa tana cire hawan babur gaba ɗaya a matsayin aiki mai haɗari, saboda haka wanda ya ɓoye sana'arsa a fom don kuɗin ya ragu ya sayi takardar da ba za ta amfane shi ba. Ba ta biyan rashin lafiya irin zazzaɓi ko hawan jini, wannan aikin inshorar lafiya ne, kamar tsarin KADCHMA na jihar Kaduna. Ya kamata kuma a tambaya ko tana karɓar rasit ɗin mai ɗorin gargajiya, domin galibi rasit da rahoton likitan asibiti ake nema, alhali da yawa daga cikin masu karaya wurin mai ɗori suke fara zuwa. A duba sharaɗin hular kwano, a kuma rubuta sunan wanda zai karɓi kuɗin idan rai ya yi halinsa.

| Ma'auni | Ɓangare na uku | Cikakkiya | Haɗarin jiki |
|---|---|---|---|
| Kuɗin shekara | Naira 3,000 | Daga kashi 5 cikin 100 na darajar babur | Ya danganta da adadin da aka zaɓa |
| Wanda ake biya | Wanda aka yi wa ɓarna | Wanda aka yi wa ɓarna da mai babur | Direba ko magadansa |
| Gyara da sata | Babu | Akwai, da sharuɗɗa | Babu |
| Asibitin direba | Babu | Kaɗan ko babu | Akwai, zuwa iyaka |
| Wajabcin doka | Dole | Zaɓi | Zaɓi |
| Babban tarko | Jabu, da takardar hawan kai | Lasisi, lodi, kamun hukuma, gudun yaro | Cire hawan babur |

Haɗari ɗaya a ƙarƙashin takardu uku

Mu ƙaddara wani ɗan acaɓa ya ɗauko fasinja ɗaya a Kawo, ya daki wata mota ta baya, kuma laifin nasa ne. Alƙaluman da ke biye misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. Gyaran motar ya kama naira 350,000, maganin fasinja naira 120,000, gyaran babur naira 180,000, shi kuma direba ya karye a ƙafa, asibiti ya ci naira 250,000, ga mako shida babu aiki. Jimillar abin da ake iya ƙirgawa naira 900,000 ke nan.

Idan ɓangare na uku kawai yake da ita, ta gaskiya kuma ta haya, kamfani zai ɗauki gyaran motar tunda bai kai miliyan ɗaya ba, zai kuma ɗauki maganin fasinja idan takardar ta haɗa da shi. Naira 470,000 ta sauka daga wuyansa a kan naira 3,000 da ya biya, saura naira 430,000 a kansa. Sai dai akwai sharaɗin da ake yawan karyawa a wurin, wato kada mai takarda ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba da sanin kamfani ba. A al'adarmu jama'a kan taru a yi sulhu nan take, a ce kowa ya ɗauki ƙaddara ko a yanka wa mai laifi abin da zai biya, kuma kuɗin da aka biya ta wannan hanya da wuya kamfani ya mayar.

Idan cikakkiya ce, za a ƙara gyaran babur, amma ba dukansa ba. Galibin irin wannan takarda tana da kason farko da mai babur ke ɗauka da kansa a duk diyya. Idan kason kashi 10 cikin 100 ne, za a cire naira 18,000 a biya 162,000, kuma ana iya rage wani abu saboda an saka sabon kaya a madadin tsoho. Idan kuwa mai babur ya rubuta darajarsa naira 800,000 don ya rage kuɗin shekara, alhali ya kai 1,200,000, to a inda yarjejeniyar ta ƙunshi sharaɗin daidaitawa kashi biyu cikin uku kawai za a lissafa, wato naira 120,000 kafin a cire kason nasa. Ya rage naira 20,000 a kuɗin shekara, ya rasa 60,000 a haɗari ɗaya. Da sace babur ɗin aka yi, ba za a biya shi fiye da abin da ya rubuta ba, kuma darajar babur a kasuwa a ranar asara ake dubawa, ba kuɗin sabo ba.

Naira 250,000 ta asibitin direba da mako shidan zaman gida kuwa, babu mai taɓa su sai inshorar haɗarin jiki, ita ma zuwa iyakar da aka rubuta. Idan a ce direban ba shi da lasisi, ko fasinja biyu ya ɗauko, to gyaran babur ɗin ya faɗi gaba ɗaya, sauran ma sai an kai ruwa rana.

Ga wanda ke da damuwa ta addini game da inshorar da aka saba, akwai takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki a ƙarƙashinsa. A tsarinsa, kuɗin da mahalarta suka zuba gudummawa ce a asusun taimakon juna, ana juya shi ta hanyar da babu riba ta ruwa, kuma ana iya raba rarar da ta saura. Sai dai bambancin yana wajen yadda ake riƙe kuɗin ne, sharuɗɗan lasisi da lodi da irin aikin babur suna nan yadda suke. Asusun da 'yan tasha ke tarawa don taimakon wanda ya yi haɗari shi ma yana da amfani, ya ma fi kowane kamfani saurin kai ɗauki, amma ba ya maye gurbin takardar da doka ta wajabta, kuma haɗari biyu manya a wata ɗaya sun isa su ƙarar da shi.

Kafin a biya ko wacce, a tabbatar kamfanin yana cikin masu lasisin NAICOM, a biya ta asusun kamfani maimakon asusun ejan, a karɓi rasit. A gwada lambar babur da lambar inji da ta jikin firam da abin da aka rubuta, harafi bayan harafi. A nemi cikakkiyar yarjejeniyar, domin satifiket mai shafi ɗaya ba ya ɗauke da jerin abubuwan da aka cire, wanda bai iya karanta Turanci ba kuma ya sa wani amintacce ya fassara masa wannan sashe kafin ya sa hannu. Idan aka ƙi biyan diyya ba bisa hujja ba, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma takardun da aka adana ne za su yi magana a can.

Mai tsohon babur da ya riga ya mayar da kuɗinsa, wanda shi ke tuƙa abinsa, zai fi cin riba idan ya tsaya a ɓangare na uku ta haya ya ƙara da ta haɗarin jiki, domin ƙafarsa ta fi babur ɗin tsada a wurin iyalinsa. Wanda ya karɓi sabon babur bashi yana biya mako-mako yana buƙatar cikakkiya, ko aƙalla mai haɗe da gobara da sata, saboda bashin ba ya faɗuwa don an sace babur. Ya fara tambayar wanda ya ba shi ko akwai inshora a cikin kuɗin da yake biya, da sunan wanda za a biya diyyar, don kada ya saya sau biyu. Mai babura da yawa da ke karɓar balas ya nemi takarda ɗaya ta rukuni, ya tabbatar kowane yaro yana da lasisi, ya kuma riƙe tsarin mai tsaya wa yaro, tunda gudun yaro da babur ba ya cikin abin da ake biya. Yaron da ke tuƙa babur ɗin wani kuwa ba shi da abin da zai yi da cikakkiya, domin ko an biya diyyar maigidansa za a ba, abin da ya shafe shi shi ne ya duba lambar babur a NIID da wayarsa, sannan ya shiga inshorar haɗarin jiki da sunansa, ta hannun ƙungiya idan reshensu yana da ita.